Zobba biyar a jikin rezista: ta wane gefe zan fara karatu?

Assalamu alaikum, manyanmu masu gyaran lantarki. Ƙanina da ke Marwa ya turo mini hoton farantin cikin na'urar cajin batirin solarsa, yana so in saya masa madadin wata rezista nan Garwa. Jikinta shuɗi ne, gefe ɗaya ya ɗan babbake, zobbanta biyar: ruwan ƙasa, baƙi, baƙi, ja, ruwan ƙasa.

Idan na fara daga hagu, ukun farko sun ba ni 100, ja kuma ninki ɗari ne, wato om 10,000. Zoben ƙarshe na nufin kuskuren kashi 1 cikin ɗari, daga 9,900 zuwa 10,100 ke nan. Amma idan na juya ta, sai ta zama ruwan ƙasa, ja, baƙi, baƙi, ruwan ƙasa, om 120 kacal. Duka biyun ana ƙera su. Da akwai zoben zinare da na huta, tunda ba a farawa da shi. Na san zoben kuskure yakan ɗan nisanta da sauran, sai dai an ɗauki hoton a karkace, tazarar ba ta fito ba.

Ya gwada ta da mita tana kan farantin, ta nuna kusan 6,800. A ganina wannan ya kore 120, domin sauran kayan da ke haɗe da ita rage awo suke yi, ba sa ƙarawa. To, idan ta tsinke a ciki fa, mitar tana auna wata hanyar ce daban? Kuma zafi yana iya sauya launin zobe har ruwan lemo ya yi kama da ja? Don Allah ku taimaka, ko in sa ya cire ƙafa ɗaya ya sake aunawa?