Dubu 20 ko dubu 10? Ina neman haske kan lissafin Kelly

Sani, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zuba kuɗi a wasannin ƙwallo, kuma komai ina rubutawa a littafi. A zubi 50 na baya-bayan nan na ci 30, kusan duk a kot 2.00, wato in an ci a karɓi ninki biyu na abin da aka zuba. Na ware sefa dubu 100. Abokina ya ce lissafin Kelly ya nuna in riƙa zuba dubu 20, amma na ji wasu na cewa a tsaya a rabi. In dai lissafin daidai ne, me zai sa in rage?

Idi, Kuseri: Wa alaikumus salam. Abokinka bai yi ƙarya ba. Kelly kaso ne na abin da ke hannunka, in kuɗin ya ragu zubin ma ya ragu, don haka ba za ka taɓa ƙarewa ƙaf ba. Masu cewa rabi tsoro ne kawai. Ka zuba rabi, ka ci rabin riba.

Malam Bello, Marwa: Sani ƙanena, lissafi nake koyarwa, bari mu bi abin a hankali. John Kelly ne ya fitar da ƙa'idar a 1956 yana aiki a Bell Labs a Amurka, daga baya Edward Thorp ya yi amfani da ita a wasan kati da kasuwar hannun jari. Ga ta:

```
f = (b*p - q) / b
```

Harafin f shi ne kason jarin da za a zuba, p yiwuwar ci, q yiwuwar faɗuwa, b kuma ribar da sefa ɗaya ke kawowa in an ci, wato kot a cire 1. A wurinka b ya zama 1, p 0.6, q 0.4, sai f ya fito 0.2. Kashi 20 cikin ɗari na jarin da ke hannu a lokacin, ba dubu 20 kullum ba. Har nan babu gardama.

Matsalar tana cikin 0.6 ɗin nan. Ƙa'idar ta ɗauka ka san p da gaske, kai kuwa kiyasi ka yi daga zubi 50. In mutum ya jefa kwabo sama sau 50, kwabon da ba ya fifita kowane gefe, kusan sau ɗaya cikin goma zai ga gefe guda da ya zaɓa ya fito sau 30 ko fiye. Ke nan mai sa'a da mai gwaninta littafinsu kan yi kama a wannan matakin.

Yanzu mu gwada zubi 100 da dubu 100 ɗinka. In da gaske kana ci 60, mai zuba kashi 20 zai ƙare da kusan dubu 749, mai zuba kashi 10 kusan dubu 450. To a ce gaskiyar 55 ce, wanda shi ma gwaninta ce babba. Mai kashi 10 zai tashi da kusan dubu 165. Mai kashi 20 fa? Kusan dubu 98 da ɗari shida. Ya ci sau 55, ya faɗi sau 45, amma kuɗinsa bai kai yadda ya fara ba.

Dalilin shi ne ci ɗaya da faɗuwa ɗaya ba sa goge juna. Dubu 100 ta hau da kashi 20 ta zama 120, ta sauka da kashi 20 ta koma 96. Kowane hawa da sauka yana gutsure kashi 4. A zubin kashi 10 kuwa, 110 ne sannan 99, kashi 1 kawai ya tafi. Ka ninka zubi, gutsuren ya ninka sau huɗu. A p na 0.55 Kelly na gaskiya kashi 10 ne, don haka mai zuba 20 ya ninka shi bai sani ba, kuma a wajen ninki biyu ne haɓakar jari ke mutuwa. Kuskuren maki biyar kacal a kiyasi ya jawo haka.

Idi ɗan'uwa, a nan na saɓa maka. Rabin Kelly ba rabin haɓaka yake bayarwa ba, kusan kashi uku cikin huɗu na saurin haɓakar yake riƙewa. Kuma ko p ɗinka daidai ne, mai cikakken Kelly yana da yiwuwar kusan ɗaya cikin biyu ya ga jarinsa ya faɗo rabi wata rana. Mai rabin Kelly, kusan ɗaya cikin takwas. Gaskiya ne a takarda kuɗin ba ya kai sifili, amma wanda dubu 100 ɗinsa ta koma dubu 15 ka tambaye shi ko ya ƙare ko bai ƙare ba.

Alhaji Ummaru, Ngaundere: Yaro, ni ba lissafi na zo yi ba. Wannan caca ce, kuma ka san hukuncinta a addini. Dubu 100 jari ce a Garwa. Ka nemi sana'a da ita, Allah ya sa albarka.

Hajiya Dije, Marwa: Alhaji ya faɗi gaskiya. Amma Malam, ni tambayata daban. Albasa nake saye lokacin kaka in ajiye. In shekara ta yi kyau nakan samu ribar rabin abin da na zuba, in ta ruɓe ko farashi ya karye nakan yi asarar kamar kashi 40. Wata shekara na zuba duk abin da nake da shi, sai da na sayar da awakina kafin na tashi. Lissafin nan yana aiki a kaina?

Malam Bello: Yana aiki Hajiya, sai dai tunda ke ba duka kuɗin ke tafiya ba, ana ɗan sauya shi:

```
f = p/a - q/b
```

A nan a shi ne kason asara, 0.4, b kuma 0.5. In shekaru 6 cikin 10 ne masu kyau, zai ce ki zuba kashi 70 na jarinki. In 5 ne cikin 10, sai ya sauko kashi 25. Kin ga tazarar, kuma shekara nawa mutum zai yi yana ajiyar albasa kafin ya bambance 5 da 6? Shi ya sa zan ce kada ki wuce rabin 70 ɗin. Ki kuma lura, buhu ɗari a rumbu ɗaya zubi ɗaya ne, domin ruɓa ɗaya ce za ta same su. Kai ma Sani, wasa uku a yammaci ɗaya ba za ka ba kowanne cikakken kasonsa ba.

Sani: Na gode Malam, na kuma ji maganar Alhaji. To zubi nawa zan rubuta kafin in yarda da 60 ɗina?

Malam Bello: Ko ka kai 400 kana kan 60, gaskiyar tana iya zama tsakanin 55 da 65. Kafin nan ma ka koma littafinka ka duba "kusan 2.00" ɗin da ka ce. In 1.90 ne, sai ka ci fiye da kashi 52.6 kafin ka fita daga asara, kuma a p na 0.55 Kelly ya sauko kashi 5. In gaskiyarka 52 ce, f zai fito ƙasa da sifili, ma'ana kada ka zuba ko dala. Yawancin masu zubi nan suke, domin kamfani ya riga ya cire rabonsa a cikin kot ɗin. Ni da za ka ji tawa, ka ci gaba da rubuta hasashenka a littafi ba tare da kuɗi ba.

Idi: Na yarda da batun kashi uku cikin huɗu, ban san shi ba. Amma Malam, me ya sa rabi? Me ya hana kwata?

Malam Bello: Babu ƙa'idar da ta tsayar da rabi. Rabi yana kare wanda ya ninka fifikonsa a kiyasi. Mai zubi 50 kacal kamar Sani kuskurensa na iya wuce haka, don haka kwata ta fi dacewa da shi, dubu 5 ke nan. Sani, turo mana ainihin kot na zubi 50 ɗin, ɗaya bayan ɗaya, mu sake lissafin.