Na ce kwana sha huɗu, rubutun ƙasan bidiyo ya ce kwana huɗu

Maman Hanan, Zariya: Assalamu alaikum. Ina yin bidiyon kiwon kaji, kuma ina amfani da wata manhaja a waya da ke saka mini rubutu a ƙasan bidiyo da kanta. Makon jiya na yi bayanin rigakafin Gumboro a cikin ɗakin kajin, 'yan tsaki na ta kuka, janareto na aiki a waje. Na ce ana ba su a kwana sha huɗu, rubutun ya fito "kwana huɗu". Na ce kada a haɗa maganin da ruwan famfo mai kulorin, sai "kada" ɗin ya ɓace, ya zama kamar umarni nake bayarwa. Ban lura ba sai da wata baiwar Allah ta tambaye ni ko da gaske tun kwana huɗu ake farawa. Gabana ya faɗi, don dukiyar mutane ce. Wa ya taɓa gamuwa da irin wannan, kuma yaya kuka yi?

Abba Mai Waya: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai matsalar ma'aikatan da ke buga rubutun ne, ba Hausawa ba ne. Da za su ɗauki namu da an huta.

Injiniya Sadiƙ: Abba, babu mutumin da ke zaune yana bugawa, na'ura ce. Ana yanka sautin gutsi-gutsi, a mayar da shi lambobi da ke nuna ƙarfin kowane amo, sannan na'urar da aka horar da dubban sa'o'in magana tare da rubutunta ta yi hasashen kalmomin da suka fi dacewa da abin da ta ji da kuma abin da ya gabata a jimlar. Ba ta san kaza ba, ba ta san Gumboro ba. Canka take yi, kuma ba ta nuna maka inda take kokwanto.

Shi ya sa kuskuren Hajiya bai ba ni mamaki ba. "Sha" gajeriyar gaɓa ce, kuma sautin "sh" yana kama da shuuu ɗin hayaniya, to idan janareto ya rufe ta, abin da ya rage "kwana huɗu" ne, wanda shi ma Hausa ce daidai. Babu abin da zai sa na'urar ta tsaya. Haka "kada" a farkon jimla, lokacin da mutum bai gama juyo da bakinsa wajen waya ba.

Sai kuma ƙarancin abin horarwa. YouTube ya fara wannan rubutu a 2009, da Turanci kaɗai. Whisper, na'urar mayar da magana rubutu da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022, an horar da ita da sa'o'i 680,000 na sauti, mafi yawansu Turanci. Hausa na cikin harsunanta, amma rabonta kaɗan ne ƙwarai. Wanda bai ji yare da yawa ba dole ya riƙa cike gurbi da abin da ya saba ji.

Baban Ilham, Maradi: Ni wajen ƙugiya take kashe ni. Na ce "aikin ya ƙare", ta rubuta "kare". Ɗaki ya koma daki, ƙafa ta koma kafa. Kuma idan na sako kalmar Faransanci, kamar yadda muke yi a nan, sai ta rikice ta bi Faransancin har jimla biyu.

Injiniya Sadiƙ: Laifin ƙugiyar rabinsa namu ne, Baban Ilham. Yawancin Hausar da muke rubutawa a waya babu ƙ, ɗ da ɓ, kuma daga irin wannan rubutu na'urori ke koyo. Rikicewar yare kuwa, da yawansu suna zaɓen yare ɗaya ne tun farkon sauti su riƙe shi. Idan manhajarka tana ba da zaɓi, ka saka Hausa da hannunka, kar ka bar ta ta gano.

Ummi Zee: Ni dai na ga abin mamaki. Na bar kusan daƙiƙa ashirin babu magana ina nuna yadda ake murza alkaki, sai rubutu ya fito yana godiya ga masu kallo. Wallahi ban faɗa ba.

Injiniya Sadiƙ: Sanannen abu ne. Irin waɗannan na'urori sun koyi magana daga bidiyoyi masu ƙarewa da godiya, to idan suka ci karo da shiru ko kiɗa sai su ƙirƙiro. Duk inda kika yi shiru a bidiyo, ki duba wurin.

Malam Habu, Gusau: Ni sanƙarau ya tafi da jina ina shekara goma sha ɗaya, bayan na iya karatu. Abin da kuka rubuta a ƙasa shi ne bidiyon gaba ɗaya a wurina. Ku masu ji, in rubutu ya yi kuskure kunnenku zai gyara muku, ni ba ni da inda zan gwada. Da na kalli bidiyon Hajiya, kwana huɗun zan ɗauka. Roƙona biyu: kada layi ya wuce biyu a lokaci guda, kuma ku bar shi ya ɗan jima kafin ya wuce. Idan mutum biyu ke magana, ku sa sunan mai maganar.

Maman Hanan: Allah sarki Malam, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Allah Ya ƙara lafiya. To Injiniya, ta ina zan fara gyaran?

Injiniya Sadiƙ: Ki fitar da rubutun a matsayin fayil na SRT, in manhajarki na bayarwa. Rubutu ne zalla, ga kamanninsa:

```
12
00:01:05,200 --> 00:01:08,000
Ana ba su a kwana 14.
```

Ki gyara kalmomin, ki bar lokutan yadda suke, ki adana da UTF-8 don kada ƙugiyoyi su koma alamar tambaya. A YouTube Studio ki shiga Subtitles, ki saka Hausa a matsayin yaren bidiyon, sannan Upload file, ki zaɓi With timing. In lokaci ya yi miki kaɗan, ki fara da lambobi, sunayen magani, da "kada" da "ba". Kuskure ashirin na ƙugiya bai kai na "sha" ɗin nan guda ɗaya haɗari ba. Lambobi ki rubuta su da alƙaluma. Gaba kuma ki ɗauki hoton a ɗakin kaji, muryar ki naɗe ta a ɗaki shiru.

Abba Mai Waya: Ni ina ganin a manna rubutun a jikin bidiyon ya fi. A WhatsApp ake tura bidiyo, fayil ɗin ba ya bin sa.

Baban Ilham: Ta wannan ɓangaren ka yi gaskiya, Abba. Amma wanda aka manna ba ya gyaruwa sai an sake ɗora bidiyon, kuma ba a fassara shi. Wanda aka ɗora daban, mai kallo zai iya danna Auto-translate ya karanta da Faransanci ko Larabci. Ina da 'yan uwa a Kamaru da 'ya'yansu Hausa ba ta zauna a bakinsu sosai ba, da haka suke bin bidiyona. Sai dai daga Hausar da ka rubuta ake fassarawa: in ka bar "kare", to kare mai haushi za su iya karantawa.

Ummi Zee: An ce kuma gyaran yana sa bidiyo ya hau sama a bincike. Ni na gyara guda shida, biyu sun ƙaru, huɗu suna nan yadda suke.

Injiniya Sadiƙ: Da bidiyo shida ba za a gane ko rubutun ne ya jawo ba, taken bidiyo da lokacin ɗorawa ma suna da tasiri.

Maman Hanan: Na gama na Gumboro ɗazu. Bidiyon minti takwas ne, ya ci mini kusan awa ɗaya, na tarar har sunan rigakafin Lasota an mayar da shi wata kalma daban. Na goge wanda na manna wa rubutu, na ɗora sabo. Malam Habu, don Allah in ka samu sarari ka kalla, ka faɗa mini inda layin ya yi maka sauri.