Kunya ko tawali'u? Ina neman kalma kafin gobe

'Yar Rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shiri a nan Gombe kan dalilin da ya sa al'ummu da dama ke ɗaukar haƙuri da abin da Bature ke kira "modesti" a matsayin halayen kirki. Haƙuri bai ba ni wahala ba. Ta biyun ce ta tsaya mini a wuya. Takardar Turancin da nake fassarawa don shirin ta ce Aristotil, masanin falsafar Girka na dā, bai ƙidaya ta cikin kyawawan halaye ba, can ƙasa kuma ta ce wata masaniyar falsafa ta zamani, Julia Driver, na ganin mai wannan hali bai san iyakar darajarsa ba. Na sa "kunya" duka wuraren biyu, amma da na karanta da ƙarfi sai na ji abin bai zauna ba.

Na Jekadafari: Kunya ce mana. Ko "sutura", in maganar hijabi ake.

'Yar Rediyo: Yaya, ba zancen tufafi ba ne ko kaɗan.

Tsohon Lakcara: 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba. Abu biyu ne Bature ya cusa a buhu ɗaya. Kalmar da Aristotil ya yi amfani da ita a Girkanci ita ce aidos, kuma a ƙarshen kashi na 4 na littafinsa kan ɗabi'a ya yi maganarta. Ya ce tsoron zubewar mutunci ne, kuma a jiki ake ganinsa: mai jin kunya fuskarsa ta yi ja, kamar yadda mai tsoron mutuwa fuskarsa ke koɗewa. Don haka a wurinsa abu ne da ke taso wa mutum, ba hali ne zaunanne da mutum ya horar da kansa a kai ba. Ya ce ta dace da matashi domin tana taka masa birki, amma ba a yabon dattijo da ita, tunda bai kamata ya aikata abin kunyar ba tun farko. Nan kunya ce, ba gardama. Ita kuwa Driver, a maƙalarta ta 1989, zancen mutumin da ba ya cika baki take yi. Wannan tawali'u ne.

Ga gwaji mai sauƙi. Ki ɗora "ji" a gaban kalmar. Ana cewa "ya ji kunya". Ba wanda ke cewa "ya ji tawali'u". Duk inda "ji" ya shiga lafiya, ɓangaren Aristotil kike.

Ɗalibin Falsafa: Allah gafarta malam, ai Aristotil ya sa kunya a tsakiya, tsakanin marar kunya da wanda kunya ke hana shi buɗe baki. Duk abin da ke tsakiya kuwa halin kirki ne a tsarinsa. Ina ga takardar ce ta yi kuskure.

Tsohon Lakcara: Ka kamo rabi. A kashi na 2 ya sa ta a tsakiya, ya ce ana yabon mai ita, amma a wurin nan ɗin ya faɗa ƙarara cewa ba ta cikin halayen. Takardar ba ta yi ƙarya ba, taƙaitawa ta yi.

Alaramman Bolari: Hajiya, ki yi hattara da jimlar. In kika ce a iska "kunya ba halin kirki ba ce", kafin ki rufe baki wayoyi sun cika, domin kowa ya san hadisin da ya ce kunya tana daga imani. Kuma kunyar da muke nufi ba ta jiran sai an yi laifi. Matar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko surukin da ba ya cin abinci gaban surukarsa, wane abin kunya suka yi? Ki ce "jin kunya" a wurin Aristotil, ki bar "kunya" tsura ga tamu.

Hausa Zalla: Ni fa wannan tawali'un ne ban yarda da shi ba. Larabci ne tsagwaronsa. Mun gudu daga Turanci mun faɗa Larabci, ina ribar? Na daɗe ina ba da shawarar "risinanci", daga risinawa. Mai risinanci, marar risinanci. Ga ta nan gajera, ta gida.

Na Jekadafari: Risinanci kamar wata sana'a, irin dukanci ko wanzanci.

Hausa Zalla: Dariya za ku yi yau, gobe ku ara. Haka kuke, in ba a Kano aka ƙirƙiri kalma ba, ba ta da daraja.

Alaramman Bolari: Malam, in za ka kori Larabci to ka fara da ladabi, adalci da littafi, mu ga me zai rage maka ka yi gardamar da shi. Ban da haka, risinawa aikin gwiwa ne. Maroƙi na risinawa har ƙasa, zuciyarsa kuwa tana kan aljihunka.

Goggon Dukku: Ku dai kuna ta ja-in-ja. Mu Fulani mun gama wannan tun kaka da kakanni: semteende da munyal, wato kunya da haƙuri, ginshiƙan pulaaku. Ita ce kuke kira filako. A sa filako a huta.

Hausa Zalla: Goggo, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Tsohon Lakcara: Goggo, filako ya fi ƙarfin wurin. Ya haɗa kunya da haƙuri da ɓoye yunwa da ciwo, in aka sa shi bambancin da ake nema ya nutse. Amma kin taɓo abin da shirin ke tambaya. Bature Kirk-Greene ma, a nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya jera haƙuri da kunya tare. Dalilin a fili yake: dukansu riƙe kai ne a inda ba dogari. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ce haƙuri tsayuwar kiran addini ne gaban kiran son rai, kuma sunansa na canzawa da wurin da aka yi shi: a fagen fama jarumta, gaban fushi haɗiye rai, gaban sha'awa kamun kai.

Mu koma kan Driver, don nan ne tarkon yake. Ita cewa ta yi mai wannan hali da gaske yana auna kansa ƙasa da yadda yake, bai sani ba. Ɗauki maɗinkin da ya fi kowa a layinsu. In ya san haka ya ce "ai lallaɓawa muke", a wurinta wannan na baki ne kawai. Na gaskiyar shi ne wanda har cikin ransa yake ganin shi matsakaici ne. Shi ya sa aka yi ta sukarta: ta yaya rashin sani zai zama halin yabo? Tawali'unmu kuwa bai buƙatar mutum ya jahilci kansa. Malami ya san karatunsa sarai, ya zauna a tabarma ɗaya da almajirai.

'Yar Rediyo: Ke nan Baba, tawali'un ma bai cika daidai da nata ba?

Tsohon Lakcara: Bai cika ba. "Raina kai" ya fi kusa da ma'anarta, sai dai a Hausa aibi ne, ita kuma yabo take nufi. Ki sa tawali'u, ki ƙara jimla guda ta bayani. "Ƙanƙan da kai" ki ajiye shi, za ki buƙace shi in takardar ta kawo masanin falsafa David Hume, wanda a 1751 ya jefa shi cikin halayen 'yan zuhudu da ya ce ba su amfanar kowa.

Hausa Zalla: Ƙanƙan da kai dai Hausa ce. Da ita aka sa ko'ina da na yi shiru.

'Yar Rediyo: Na gode ƙwarai. "Jin kunya" ga Aristotil, "tawali'u" da ɗan bayani ga Driver. Taken shirin ne har yanzu ban san me zan sa ba, "Haƙuri da Kunya" ko "Haƙuri da Tawali'u".

Alaramman Bolari: Na farkon ya fi daɗin kunne, na biyun ya fi kusa da takardar.

Hausa Zalla: Ku sa abin da kuka ga dama. Ni dai risinanci na nan a littafina.