Za a ɗiga mini maganin buɗe ido a Kaduna, zan iya tuƙo mota zuwa Zariya?

Abban Hanifa: Salamu alaikum. Ina da ciwon suga, an ba ni ranar Talata ƙarfe 9 na safe a duba cikin idona, an ce sai an ɗiga mini magani. Daga Zariya zan taso da motata, kuma ina son in dawo kafin ƙarfe 2 in ɗauko yara. Wanda aka taɓa yi wa, in tuƙa ko in shiga ta haya?

Ɗan Tudun Wada: Tuƙa abinka. An yi mini bara, na hau mashin ɗina na koma gida. Waya ce kawai na kasa karantawa.

Maman Sadik: Kar ka soma, bawan Allah. Maigidana aka ɗiga wa a wani asibiti, ba wanda ya ce masa komai. Ya fito da tsakar rana, hasken gilashin wata mota ya dalle masa ido, ya afka wa mai adaidaita. Karaya biyu a ƙafar yaron mutane, wata uku muna jinya. Ɗana ma da aka ɗiga masa, ya fi mako bai iya karanta allo ba.

Anti Nas: Allah ya kiyaye gaba, Maman Sadik. A sashen ido nake aiki, kuma na yaronki daban ne. Mai kai mako ɗaya zuwa biyu atirofin ne, yara aka fi ɗiga wa. Akwai saikilofentolet mai kai kwana guda. Na duba masu suga yawanci tirofikamaid ne, yana kamawa cikin minti 20 zuwa 30, ya saki bayan awa 4 zuwa 6, wasu kuma har washegari.

Malam, tsoka biyu maganin yake kwantarwa. Ta farko ita ke tsuke ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido idan ka shiga rana. Idan ta kwanta, ƙofar da a rana ba ta wuce milimita 3 ba sai ta kai 7 ko 8 ta tsaya a haka. Faɗin in ya ninka biyu, hasken da ke shiga ninki huɗu ne, shi ya sa rana ke kashe ido. Ta biyun ita ke daidaita gani idan ka kalli abu na kusa. Ita ce ta hana Ɗan Tudun Wada karanta waya alhali yana hango titi.

Ɗan Tudun Wada: To kin gani, ai maganata kenan. Titi dai ake kallo.

Anti Nas: Ba kowa ba ne, ɗan'uwa. Akwai masu idon da ko nesa sai da taimakon wannan tsokar suke gani sosai, su da kansu ba su sani ba. Irinsu titin ma dishi-dishi zai koma.

Baba Direba: Shekara 30 ina bin hanyar nan, ba nas ce za ta koya mini tuƙi ba. Baƙin tabarau na dubu ɗaya da ɗari biyar ya gama magana.

Maman Sadik: Baba, shekara talatin ɗin an taɓa ɗiga maka? Kuma a ina ake samun tabarau a haka? Dubu huɗu na saya a bakin asibiti.

Sarkin Zolaya: Abban Hanifa, ka sa tabarau ka riƙe sanda, ƙila masu mota su ɗauke ka kyauta.

Abban Hanifa: Anti, in lissafa daga ƙarfe 9 kenan? Awa biyar ta cika ƙarfe 2.

Anti Nas: Daga ɗigon ƙarshe ake lissafi. Sai ka bi layi, ƙila 10 da rabi a fara. Idonmu baƙi yana jinkirin buɗewa, na mai suga ya fi, sau da yawa sai an ƙara ɗigo. Kai kuma ƙarfe 12 da rabi kake son kama hanya, lokacin da maganin bai saki ba tukuna. Tabarau zai rage hasken, ba ya gyara dishi-dishin. Ni dai ka zo da direba, ko wani ya ɗauko yaran. Kafin ka taɓa sitiyari ka tsaya a waje, ka ga ko za ka karanta lambar mota daga taku kamar 25 ba tare da ka runtse ido ba. In kuma bayan ka koma gida ido ya yi ja da ciwo mai tsanani, da ciwon kai ko amai, kana ganin zobe kewaye da fitila, ka koma asibiti a daren, kar ka jira safiya.

Baba Direba: In ya jira maganin ya saki ai magariba ta yi masa a hanya. Dare ya fi rana haɗari yanzu, da fararen fitilun nan da masu tirela ke ƙarawa. Ko ka yi musu alama ba sa ragewa.

Ɗan Tudun Wada: Wallahi Baba, har 'yan adaidaita sun fara sawa. Shekaranjiya wajen Jaji sai da na sauka gefen titi na tsaya. Wai su wa ya kamata su kama masu sa fitilun nan ne?