Wai me za mu kira wannan ciwon muryar da Hausa?

Malama Hadiza: Jama'a a taimaka. Wata 2 kenan muryata a dashe, ba mura ba zazzaɓi, na sha antibayotik har zagaye biyu a banza. Likita ya zura kyamara ta hanci ya ce tantanin muryar lafiya lau, tsokokin da ke kewaye da maƙogwaro ne suke matsewa in zan yi magana, ya rubuta MTD a kati, wato gajeren sunan ciwon da Turanci. Na rasa yadda zan faɗa wa Hajiyarmu.

Sagir: Dashewar murya mana, meye abin wahala. Ki sha ruwan ɗumi ki dinga raɗa kwana 3.

Anti Bilki: Sagir dashewa ai alama ce, mai mura ma muryarsa na dashewa. Kuma kar ki yi raɗa, ƙara matse wurin take. Aikina kenan, ni ɗaurewar murya nake ce wa masu zuwa. Maƙogwaron ne ke ɗagewa sama ya maƙale, in na sa yatsa biyu saman ƙashin maƙogwaro na danna sai mutum ya zabura don zafi, sai in yi ta murzawa a hankali ina jawo shi ƙasa yana cewa aaa, wani a zaman farko za ki ji muryarsa ta da ta leƙo. Sauran aikin a gida ne, tsinken shan lemo a kofi, bakinsa ya nutse kamar santimita 2, ki hura da sauti ruwan yana ɓulɓulowa, minti 3 zuwa 5 sau da yawa a wuni.

Malama Hadiza: Wallahi haka ne Anti, da safe da dama-dama, kafin in gama aji na uku wuyana ya yi tauri kamar an shaƙe ni. To shaƙewar murya fa?

Baban Amira: Shaƙewa za a ɗauka majina ce. Ɗaurewar ma ina tsoro, tsofaffi za su ce wani ne ya ɗaure ta, a tafi neman karya sammu. Ku ce ɗaurewar jijiyar murya.

Anti Bilki: Jijiya kuma za ta haɗa mu da wani ciwon daban, wanda asalinsa daga ƙwaƙwalwa ne, murya tana yankewa tsakiyar kalma amma dariya da waƙa su fito ras. Shi tausa ba ta warkar da shi, allurar botos ake yi. Sai dai ɗaurewar tsokar murya.

Sagir: Ya yi tsawo gaskiya. Ke kuma Anti sunanki mai gyaran murya.

Anti Bilki: Kai Sagir! Gyaran murya ai shi ne ehem ehem ɗin da nake hana su, gara su kurɓi ruwa su haɗiye. Mai horar da murya dai.

Malama Hadiza: Ni dai na ce wa Hajiya tsokar wuyana ce ta ɗaure muryar, ta ce to a kwance ta mana.