Inji cikin inji a kan KVM: abin da masu gwadawa suka ce

Wata muhawara ta taso kan KVM, fasahar Linux ta gudanar da injunan kwaikwayo, inda wani yake son injin kwaikwayonsa ya ɗauki nasa baƙin, wato wasu injunan kwaikwayo a cikinsa. Shawarar farko: a duba uwar na'ura, wato ainihin kwamfutar da ke ɗauke da su, tukuna.

```
cat /sys/module/kvm_intel/parameters/nested
```

In ya nuna `Y`, ƙofa a buɗe take. Masu AMD su duba `kvm_amd`, inda `1` ne alamar buɗewa. Sai dai nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin buɗewar kaɗai ba ta isa ba. Dole a miƙa wa baƙon siffofin firosesa, misali da zaɓin `-cpu host` na QEMU, manhajar da ke tayar da baƙon. In ka shiga cikinsa ba ka ga `/dev/kvm` ba, to baƙon ciki zai koma kwaikwayo zalla, yana tafiyar hawainiya.

Batun nauyi kuwa, nan aka fi daɗewa. Aikin lissafi tsantsa ba ya raguwa sosai. Amma duk lokacin da baƙon ciki ya taɓa faifai ko hanyar sadarwa, sai uwar na'ura ta karɓa, ta miƙa wa baƙon farko da ke tsakiya, shi ma ya yi ta komawa gare ta. Fita ɗaya daga baƙo zuwa uwar na'ura ta haifi fita da yawa.

Shi ya sa na goyi bayan masu cewa a bar inji cikin inji ga gwaji da koyo. Rumbun bayanai mai yawan rubutu kam, a ajiye shi a hawa na farko, wato baƙon da ke kan uwar na'ura kai tsaye.