Bayanin hoto ɗaya ga Bakano da Basakkwace: wace kalma zan sa?

Jama'a, ku taimaka min. Ina rubuta bayani a ƙarƙashin hotunan littafin yara da za a raba a makarantun Kano da Sakkwato. Wani hoto yana nuna yarinya tana talla da kwanon fura a kanta. Na rubuta "'yar mai fura ce ke kai talla kasuwa". Malamin da ya duba min a Sakkwato ya ce yaransu "ɗiya" suka sani, kuma "ta" suke cewa a wurin "ce", "kassuwa" a wurin "kasuwa".

Rubutun "kasuwa" da "ce" zan bar su yadda daidaitacciyar Hausa ta tsara. "Ɗiya" ce ta tsaya min, don ita kalma ce daban, kuma layin bai ɗaukar biyu. Wanda ya taɓa koyar da 'yan aji ɗaya a ɓangarorin biyu, wacce yara suka fi ganewa ba tare da malami ya fassara ba?